Fankar Rufi Mai Gunji Ba Ta Juyawa

Idan aka kunna fankar rufi ta tsaya tana gunji, amma da zarar an tura fiffikenta da sanda sai ta kama juyawa sannu-sannu, to, galibi illar tana ga kafasita, wato ƙaramar na'urar nan mai kama da kwalin ashana da ke ɓoye cikin kofin da ke saman injin, wadda take ba shi ƙarfin tashi. Kafin a hukunta ta, wajibi ne a jarraba regileta: mai gyara yakan haɗa wayoyinta biyu kai tsaye, in fanka ta zabura da gudu, regileta ce ta lalace.

Wajen sauya kafasitar, a kashe wuta daga babban makunni tukuna, domin na bango ba abin amincewa ba ne. A karanta adadin da ke jikin tsohuwar, wanda sau da yawa 2.5µF ne, a sayo daidai shi. Masu sa wadda ta fi girma don kwaɗayin iska, zafi suke jawo wa nadin wayar injin har ya ƙone.

Amma rangaji, wannan ba laifin lantarki ba ne. A ɗaure kusoshi, a auna tazarar bakin kowane fiffike daga silin. Wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa shi ne ya lanƙwashe.