Saƙon Farko Zuwa Ga Mai Ba Da Tallafi: Me Ƙaramar Ƙungiya Za Ta Rubuta?

Tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a shekarar 2025, ƙungiyoyin da suka saba samun ɗan abin yi daga hannun manyan 'yan kwangilarta suka bazama neman wasu ƙofofi. Gidauniyoyi da ofisoshin jakadanci da suka rage kuwa, akwatin imel ɗinsu cike yake kullum. Jami'in da ke buɗe saƙonnin nan ba ya karanta kowanne har ƙarshe. Kan saƙon yake dubawa da layi biyu ko uku na farko, daga nan ya yanke shawarar ci gaba ko wucewa. To ƙaramar ƙungiya ta unguwa ko ta ƙauye, wadda ba ta da kowa a Abuja, yaya za ta yi a tsaya a kan nata?

Abin da ya fi kayar da ƙungiyoyinmu shi ne ɗaukar saƙon farko a matsayin takardar neman kuɗi. Wanda ya je neman aure ba ya ta da maganar sadaki ran da ya fara zuwa gaisuwa, so yake a san shi, a san gidansu, a ba shi izinin dawowa. Haka wannan saƙo yake. Iyakar abin da ake nema da shi a ba da amsa, ko da amsar ita ce ga lokacin da muke karɓar buƙatu, ga fom ɗin.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, sai an san wa ake rubuta wa. Kowane mai ba da tallafi yana da fagensa da yankinsa da hanyar da yake karɓar buƙata. Gidauniyar TY Danjuma, misali, ta fi mayar da hankali kan lafiya da ilimi, kuma takan fitar da sanarwar neman buƙatu. Ofishin Jakadancin Japan a Abuja yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma da ake kira GGP, wanda ya karkata ga abin da ido zai gani, kamar azuzuwa da ɗakin shan magani da ruwan sha, ba albashin ma'aikata ba. Ƙungiyar da ta nemi kuɗin alawus a can ta nuna tun daga layin farko cewa ba ta karanta komai a kansu ba. Wasu manyan gidauniyoyin ma sukan rubuta ƙarara a shafinsu cewa ba sa duba buƙatar da ba su suka nema ba.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar mata ce a wani gari a Jihar Jigawa, shekara uku tana koya wa 'yan matan da suka bar makaranta karatu da lissafi a zauren mai unguwa, da kuɗin karo-karon mambobi. Sakatariyarta ta zauna ta rubuta: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu ƙungiya ce mai zaman kanta da ke yaƙi da talauci da jahilci da cututtuka da shaye-shaye, muna roƙon ku dubi girman Allah ku taimaka mana da naira miliyan hamsin. Ta haɗa hotuna ashirin, ta zuba adireshi talatin a layin CC, ta aika. Ko shakka babu niyyarta mai kyau ce, amma kowane ɗaya daga cikin mutum talatin ɗin ya ga sauran, ya gane ba shi aka nufa ba. Ƙungiyar da ta ce tana yin komai kuma, mai karatu zai ɗauka ba ta ƙware a komai ba. Hotunan ma matsala ne: Gmail ba ya ɗaukar abin da aka maƙala in ya wuce 25 MB, kuma ma'aikatu da yawa suna gargaɗin ma'aikatansu kada su buɗe fayil daga wanda ba su sani ba.

Ga yadda za a gyara. A kan saƙon a rubuta aikin da wurin: karatun 'yan mata 60 a gari kaza, Jihar Jigawa, neman tattaunawa. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, da sunan jami'in in an san shi. Na san wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, don a wurinmu shiga magana ba doguwar gaisuwa rashin ladabi ne, sai dai a nan girmama mutum shi ne kada a ci masa lokaci. Sai jimla ta biyu ta faɗi dalilin da ya sa su aka zaɓa: mun ga aikin da kuka tallafa na mayar da yara mata makaranta a jiha kaza, namu irinsa ne. Kada a rubuta haka sai an tabbatar aikin nasu ne da gaske.

Sai zuciyar saƙon, wato abin da aka riga aka yi. Nan ya kamata a kashe mafi yawan kalmomi. A ce mun fara a shekara kaza da 'yan mata 25, yanzu 60 ne, 18 daga cikinsu sun koma makarantar gwamnati, malamai biyu 'yan sa-kai ke koyarwa kwana uku a mako, mambobi ke sayen alli da littattafai. Ƙananan alƙaluma irin waɗannan, da za a iya nunawa a rajista, sun fi dubban da ba su da shaida. Kuma kada a ƙara gishiri, domin mai ba da tallafi na ƙwarai yakan turo wakili ya zo ya ƙirga da idonsa. Bayan haka sai matsalar a jimla ɗaya: zauren ya yi kaɗan, akwai wasu 40 suna jira. A ƙarshe buƙata ɗaya tak: ko za ku ba mu minti ashirin a waya, ko ku nuna mana hanyar da kuke karɓar buƙatu? Duka saƙon kada ya wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da gajiya ba, kamar kalmomi 200.

A ƙasan sunan mai rubutu a sa muƙaminsa da lambar waya da lambar rajistar ƙungiya. A Najeriya rajistar da akasarin masu tallafi ke nema ita ce ta amintattu a hukumar CAC, sai takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke tambaya kafin buɗe asusun ƙungiya. Wanda yake da rajistar ƙaramar hukuma ko ta jiha kawai ya faɗi gaskiya, akwai masu karɓa ta hanyar wata babbar ƙungiya. Lambar asusun banki kuwa ba ta da wuri a saƙon farko, balle asusun mutum ɗaya. Nan take takan sa a yi wa saƙon kallon na 'yan damfara. Haka ma aikawa daga adireshin da ke ɗauke da laƙabin samartaka. Buɗe sabo da sunan ƙungiya kyauta ne.

Yawanci da Turanci za a aika, ko Faransanci in a Nijar ne. Shawarata a fara tsara shi da Hausa a gaban shugabannin ƙungiya, kowa ya yarda da alƙaluman, sannan a ba wanda ya iya ya juya shi cikin sauƙaƙan kalmomi. In mako biyu ya wuce shiru, a sake tuntuɓa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, da layi biyu. In an sake yin shiru, a nufi wata ƙofar.

In kuma amsa ta zo da gaggawa tana cewa an amince muku da dala dubu ɗari, amma ku fara biyan kuɗin rajista ko na lauya, kada ku tura ko sisi. Gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta ba da tallafi.