Wuridin Metta na Mabiya Buda: Kalmominsa da Tsarin Maimaita Shi

Mabiya addinin Buda na ƙasashen Siri Lanka da Bama da Tailan suna da wani wuridi da suke rerawa cikin harshen Pali, wanda ake kira metta, watau nufin alheri ga dukan mai rai. Bayaninsa mafi cika yana cikin babi na 9 na littafin Wisudimagga, ma'ana Tafarkin Tsarkaka, wanda malami Budagosa ya wallafa a Siri Lanka cikin ƙarni na 5. Abin lura a wuridin nan shi ne, fatan da ke cikinsa ba ya sākewa. Wanda ake yi wa fatan shi ne ke sākewa daga mataki zuwa mataki.

Fatan nan kashi huɗu ne. Na farko, mutum ya kuɓuta daga gaba. Kalmar ita ce awera, daga wera, watau gaba, da harafin korewa a gabanta. Na biyu, ya kuɓuta daga ƙunar zuci. Na uku, ya kuɓuta daga wahala. Na huɗu, ya riƙe kansa cikin jin daɗi. Uku na farko kore sharri ne, na ƙarshe kaɗai ne tabbatar da alheri.

A wajen nahawu kuwa, nauyin wuridin yana kan fi'ili guda mai ma'anar zama. Idan mai wuridi yana nufin kansa sai ya ce homi, watau in zama. Idan mutum ɗaya yake nufi sai ya ce hotu, ya zama. Idan jama'a ne sai hontu, su zama. Siffar homi ita kaɗai tana da harshen damo, domin a Pali ba ta bambanta labari da fata. Amma hotu da hontu sun warware shakka, gama da labari ne da an ce hoti da honti. Ashe mai wuridi ba cewa yake yi ya riga ya rabu da gaba ba, fatan haka yake yi. Mai juya wuridin zuwa Hausa ya kamata ya kiyaye wani abu a nan: Bahaushe ya saba jingina fata ga Allah, amma jimlolin Pali ba su ambaci wanda ake roƙo ba. Saboda haka lamirin fata tsurarsa, in da ya da su, ya fi dacewa da asalin.

Budagosa ya ce a fara da kai. Dalilinsa shi ne mutum ya mai da kansa shaida: yadda yake son daɗi yana ƙin wuya, haka sauran masu rai suke. Bayan ya maimaita jimlolin har zuciyarsa ta yi laushi, sai ya koma kan wanda yake girmamawa, kamar malaminsa, yana tuna alherinsa. Daga nan sai aboki na ƙud da ƙud, sa'an nan wanda ba ya so ba ya ƙi, daga ƙarshe abokin gaba. An jera su haka ne domin wanda ya fara da magabci gajiya zai yi, fushinsa kuma ya taso. In fushin ya taso a mataki na ƙarshe, sai a koma kan ɗaya daga na baya, a sake tahowa.

Akwai waɗanda aka hana keɓewa da wuridin. Ba a keɓe matacce, domin hankali ba ya samun natsuwar da ake nema a kansa. Namiji ba ya keɓe mace, mace ba ta keɓe namiji, don gudun sha'awa. Sha'awa ita ce aka kira maƙiyi na kusa, saboda ta yi kama da metta har mai wuridi ya ruɗu. Ƙiyayya kuwa maƙiyi na nesa ce, ba ta da wuyar ganewa.

Littafin ya kawo misali na gane ko aikin ya nuna. A ce mai wuridi yana zaune da masoyi da baƙo da magabci, sai 'yan fashi suka zo suka ce a ba su mutum ɗaya su yanka. In ransa ya zaɓi ɗaya daga ukun nan, bai kai ba tukuna. In ma ya ce a ɗauke shi a bar su, har yanzu bai kai ba, domin ya nufi kansa da cuta. Sai ranar da ya rasa wanda zai miƙa cikin su huɗun, sa'an nan za a ce shingen da ke tsakaninsu ya faɗi, kuma homi da hotu sun zama daidai a zuciyarsa.