Minti 35 a gaban allo: abin da ke cikin tsarin darasin malami mai koyo

Duk wanda ya shiga kwalejin ilimi a Najeriya don neman shaidar malanta ta ƙasa, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda a shiga aji da ita, ya san akwai ranar da za a raba shi da kujerar ɗalibi a miƙa masa alli. Karatun na shekara uku ne, kuma kafin a gama sai an tura ɗalibi wata makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ya koyar na tsawon watanni. Wannan ita ce koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suka fi sani da ti-fi. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, da aka kafa a 1989, ita ke tsara ma'aunin da kwalejoji ke bi a kai. A cikin waɗannan watanni, malami mai duba ɗalibai zai iya faɗowa kowace rana. Ya shigo, ya nemi benci a bayan aji, ya miƙa hannu. Abin da yake jira a ba shi shi ne tsarin darasi, lesin filan a bakin malamai.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan takarda a matsayin fom ɗin da ake cikewa: suna, kwanan wata, aji, yawan yara, darasi, tsawon lokaci, kayan koyarwa. To, duk waɗannan suna nan a sama, kuma minti biyu ya isa a rubuta su. Inda maki yake shi ne ƙasa da nan. Na yi shekaru ina zama a wancan bencin na baya, kuma darasin da nake yawan ba da misali da shi na wata ɗaliba ce da aka ba aji huɗu na firamare, yara 72, darasin lissafi, minti 35. Batun ranar shi ne gwada girman ɓangarori: tsakanin rabi da kwata, wanne ya fi?

A rubutunta na farko, wanda malamin ajin ya mayar mata kafin ya sa hannu, ta rubuta manufa kamar haka: a ƙarshen darasi yara za su fahimci ɓangarori. Jimlar ba ta da laifi a kunne, amma ba ta da amfani a aji. Da wane ido za a ga fahimta? Yaro na iya gyaɗa kai har ƙararrawa ta kaɗa alhali hankalinsa yana wajen mai awara a bakin ƙofa. Tun 1962 wani Ba'amurke mai suna Robert Mager ya yi bayanin cewa manufar darasi tana bukatar abu uku: aikin da yaro zai yi a gani, yanayin da zai yi shi, da ma'aunin da za a ce ya iya. Har yau wannan ake koyarwa a kwalejojinmu, shi ya sa ake hana ɗalibai kalmomi irin su sani da fahimta, a ce su yi amfani da lissafa, ware, zana, jera. Da ta gyara, sai manufar ta koma: idan an ba yaro ɓangarori biyu masu 1 a sama, kamar 1/2 da 1/4, zai nuna wanda ya fi girma ya kuma faɗi dalili, aƙalla sau biyu cikin uku. Yanzu an sami abin ƙirgawa. Ita ma ta san inda za ta, ni ma na san abin da zan zura wa ido.

Daga manufa sai ilimin da yara suka zo da shi. Nan ne ɗalibai suka fi yin ƙarya ba da niyya ba. Kusan kowa rubutawa yake yi cewa an koya wa yara darasin da ya gabata, kamar koyarwa da iyawa abu ɗaya ne. Ita kuwa ta rubuta abin da ta tabbatar: yaran nan ana aikensu awo, sun san rabin mudu, sun san kwata, kuma babu wanda za a ba kwatar mudun gero a madadin rabi ya karɓa shiru. Amma da ta rubuta 1/2 da 1/4 a allo kwana biyu kafin nan, mafi yawansu sun zaɓi 1/4, saboda huɗu ya fi biyu. Wato abin da suka sani a kasuwa bai haɗu da abin da suke gani a allo ba. Darasin gaba ɗaya an gina shi ne don ya haɗa waɗannan biyun.

Ga yadda ta raba mintunanta. Biyar na farko hira ce a kan awo. Takwas na biye kowane yaro zai karɓi tsinken takarda mai tsawo, uku a kowane benci: na farko ya ninka tasa gida biyu, na biyu gida huɗu, na uku gida takwas. Wasu takwas ɗin kuma su buɗe, su jera takardun ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, su rubuta 1/2 da 1/4 da 1/8 a kan gida guda na kowacce. Minti bakwai su faɗi abin da suka lura da bakinsu, ita tana rubutawa a allo. Biyar na auna fahimta, biyu na kammalawa da aikin gida. Idan aka tara, 35 cif. Yana da kyau mai karatu ya san cewa masu dubawa sukan tara waɗannan lambobi da gaske, kuma ba sau ɗaya ba na ga tsarin minti 50 da aka ce za a gama a 35.

Sashen dalili shi ne inda ɗalibi ke kare zaɓinsa, kuma a ganina shi ya fi nuna ko kai ya yi aiki ko an kwafo na wani ne daga tsohon littafi. Wasu sukan cika shi da sunayen masana da manyan kalmomi, su ce darasin ya dogara ne a kan yaro, su wuce. Nata gajere ne, amma kowane layi yana amsa tambayar me ya sa. Me ya sa takarda maimakon lemo ko burodi, da aka saba gani a littattafai? Saboda lemo ɗaya a hannun malama, yaran layin gaba kawai za su gani, na baya sai dai su ji labari. Takarda kuwa tsofaffin jarrabawa ne da ta roƙo a ofis, kowa ya samu. Me ya sa rabi da kwata da ɗaya cikin takwas, aka bar sulusi? Saboda ninka takarda gida biyu, a sake, a sake, yaro ɗan shekara tara zai yi daidai, amma ninkawa gida uku ko babba sai ya yi ta gwaji, kuma idan gidajen suka fito ba daidai ba darasin ya rushe. Sai dalili na uku, wanda ya fi burge ni: ta yanka takardun duka tsawonsu ɗaya, ta kuma rubuta cewa da gangan ne, domin rabi yana fin kwata ne kawai idan abu ɗaya ake rabawa. Rabin gwangwani ai bai kai kwatar buhu ba. Wanda ya hango wannan tarko tun a gida ya san lissafin da zai koyar, ba hadda ya yi ba.

Ranar dubawa kuwa, aji ya yi halinsa. Raba takardu 72 ya ci minti shida daga cikin takwas, domin ita kaɗai take bi benci-benci. Wasu yara suka ninka tasu ta faɗi maimakon ta tsawo, sai gidajen suka ƙi jeruwa. Da ta ga lokaci na gudu, sai ta faɗa ramin da kowane sabon malami ke faɗawa: ta faɗi ƙa'idar da kanta, cewa idan lambar ƙasa ta ƙaru gida yana ƙanƙancewa, ta ce "Kun gane?", ajin ya amsa da murya ɗaya, "Eh, malama!" Wannan amsa ta taro ba ta auna komai. Yara goma masu ƙarfin murya sun isa su rufe shirun sittin.

Abin da ya cece ta shi ne ba ta yarda lokaci ya cinye mintunan aunawa ba. Ta rubuta tambayoyi uku a allo: 1/2 ko 1/4, 1/4 ko 1/8, sai 1/5 ko 1/9. Ta ukun ita ce ma'auni na gaskiya, domin babu wanda ya ninka gida biyar ko tara a ranar. Sai wanda ya kama dalilin zai amsa ta. Da aka tashi ta karɓi littattafai 20, daga gaba da tsakiya da baya, ba daga masu ɗaga hannu kawai ba.

A kan waɗannan littattafai ta gina sashen waiwaye, wanda ake rubutawa bayan an sauko daga gaban allo. Abin da aka saba gani a nan layi biyu ne: darasi ya tafi lafiya, yara sun ba da haɗin kai, sai dai lokaci ya yi kaɗan. Ana iya manna wannan a ƙarƙashin kowane darasi a duniya. Ɗalibai suna yin haka ne don tsoron kada amsa kuskure ya rage maki, alhali mai duba ya riga ya ga kuskuren da idonsa. Abin da ya rage ya sani shi ne ko malamin ma ya gani. Ita ta rubuta cewa cikin 20, yara 16 sun ci tambaya ta farko, 14 ta biyu, amma 7 kawai suka ci ta uku. Ta ce bisa ma'aunin da ta sa wa kanta, na biyu cikin uku, za a iya cewa yawancinsu sun cika manufa, amma ba ta gamsu ba, domin tambayoyi biyun farko ana iya amsa su ta kallon takardar da ke kan benci. Ta kuma lura cewa manufarta ta ce yaro zai faɗi dalili, amma tambayoyin da ta rubuta babu wadda ta nemi dalili. Gaskiya ni kaina sai da na sake duba takardar kafin na ga wannan giɓi.

Da muka zauna a ofishin hedimasta bayan darasi, ta ce, "Malam, inda na ɓata shi ne da na faɗa musu amsar. Da na bari sun faɗa da kansu, da na ji inda suka karkace." Na rage mata maki a kan sarrafa lokaci da yadda take jefa tambaya, na ba ta kusan duka a kan tsari da waiwaye. Akwai abin da takardar makin ba ta iya aunawa, kuma ya kamata a faɗa: darasi ɗaya ko biyu ake gani cikin watanni, ɗalibi kuma yakan ware ranar dubawa ya yi mata ado da kwali da zane-zanen da aji ba zai sake gani ba. Shi ya sa nake buɗe littafin tsarin darussa in koma baya, in ga abin da aka rubuta a ranakun da ba a sa ran kowa, da ko malamin aji ya sa hannu a kansu.

Tsarinta na washegari yana shafi na gaba. Ta sa shugabannin layi shida su raba takardu kafin a shigo daga hutu. Za ta ninka tata a gabansu tukuna, ta tsawo, kowa ya gani. Ta cire hirar awo tunda ta yi aikinta, ta ƙara mintunan a kan lokacin da yara za su yi magana. A wajen aunawa ta bar tambaya ɗaya tak: burodi ɗaya, a raba wa mutum biyar ko a raba wa mutum tara, a wane rabo za ka so ka kasance, kuma me ya sa?