Inda Hirar Take Maƙalewa a Waya Mai Layi Biyu

WhatsApp yana ɗaure kowane asusu da lambar waya guda ɗaya, don haka mai layi biyu da ya yi rajistar duka biyun yana da akwatin saƙonni biyu waɗanda ba sa haɗuwa. Ɗan kasuwar da ya ɗora layin MTN a WhatsApp, layin Airtel kuma a WhatsApp Business, zai iya laluben hoton rasit ɗin da abokin ciniki ya turo ya rasa. Rasit ɗin yana nan, amma ya shiga asusun lambar da mai turowar ya adana.

Haka abin yake a wayoyin da ke tagwaita manhaja, kamar Samsung mai Dual Messenger, da kuma tsarin asusu biyu cikin manhaja ɗaya da WhatsApp ya ƙaddamar a 2023. Wurin bincike yana duba asusun da ke buɗe ne kawai.

Cire layi daga waya ba ya canza lambar asusu, shi ya sa ake ruɗewa. Mafita ita ce a duba lambar da ke cikin bayanan kowane asusu, sannan a tambayi mai saƙon lambar da ya tura wa. Idan lambobin sun bambanta, hirar tana ɗaya asusun.