Ruwa Ya Tafasa: A Zuba ko a Dakata?

A yawancin gidajenmu, da zarar buta ta fara ɓararraka sai a sauke a juye ruwan kan duk abin da za a haɗa. Tafasawa wajibi ce, don ita ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Amma zafin da ruwa ke tafasa a kai, wato digiri 100 a ma'aunin Salshiyas a bakin teku, ba kowane abin sha ke so ba. A wuri mai tudu ma ruwan ba ya kaiwa haka: a Jos yakan tafasa ne a wajen digiri 96.

Baƙin ganyen shayi, irin wanda mai shayi ke dafawa, ba ruwansa. A zuba masa tafasasshe, a ba shi minti 3 zuwa 5, shi ke nan. Koren ganye ne mai tsirfa. Yana ɗauke da sinadarai masu bauri waɗanda ruwa mai tsananin zafi ke fizgowa da sauri, har su danne ƙamshin. Shi ya sa ake so ruwansa ya sauko tsakanin digiri 70 da 80, a jiƙa shi minti 2 ko 3 kawai. Masu shayin gawayi na Agadas da Damagaram za su ce ai koren ganye suke tafasawa, kuma gaskiyarsu. Sai dai su ɗacin suke nema, suna karya shi da sukari da na'ana'a.

Gahawar da aka niƙa kuwa ta fi daɗi tsakanin digiri 90 da 96. Sauke butar, a ba ta kamar minti ɗaya. Ruwan da ya wuce haka yana fito da ɗaci, wanda ya yi sanyi kuma sai ta fito salam da ɗan tsami.

Duk wannan maganar ɗanɗano ce. Ta madarar jarirai kuwa maganar rai ce, kuma a nan kuskuren da aka fi yi shi ne rashin zafi. Garin madarar gwangwani, ko da ba a taɓa buɗe shi ba, yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kuronobakta. Ta biyun ba ta cika faruwa ba, amma idan ta kama jariri sabon haihuwa ko bakwaini tana iya shiga jini ko ta jawo sanƙarau. Saboda haka a shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci suka fitar da ƙa'ida cewa a dama garin da ruwan da aka tafasa, wanda zafinsa bai yi ƙasa da digiri 70 ba. Zafin nan garin ake kashe wa cuta da shi. Uwar da ta dama da ruwan leda ko ruwan ɗumin da ya kwana a fulas, don kada jariri ya ƙone, ta tsallake wannan kariya, ko da ruwan nata mai tsabta ne.

To me zai hana a zuba yana kan tafasa? Yana sa garin ya yi gudaji, yana rage wasu sinadaran gina jiki da ba sa jure zafi, sannan tururin kan iya fesowa daga kan fidar idan ana girgizawa, ya ƙona hannu.

A ce za a haɗa mililita 90. A tafasa sabon ruwa lita ɗaya, a bar shi cikin butar a rufe, amma kada ya wuce minti 30; ruwan da bai kai lita ba ya fi saurin hucewa, don haka jiransa bai kai haka ba. A wanke hannu, a ɗauko fidar da aka riga aka tafasa. Ruwa ake fara zubawa har layin 90, sannan gari. Galibin gwangwanaye cokali ɗaya suke cewa ga kowane mililita 30, wato cokali 3 ke nan, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a share kansa ba tare da dannawa ba. Amma abin da aka rubuta a jikin gwangwanin shi ne abin bi. Idan aka fara da gari, ruwan zai gaza, madarar ta yi kaurin da ya fi ƙarfin ƙodar jariri.

A rufe, a girgiza, sannan a tsoma gindin fidar cikin ruwan sanyi ba tare da ruwan ya taɓa murfin ba. A ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu: ɗumi ya kamata a ji, ba zafi ba. Abin da jariri ya rage kada a ajiye masa, kuma wadda aka haɗa ta yi awa 2 a waje a zubar. A zafin bazara irin namu, gara ma a haɗa daidai cikinsa a duk lokacin da ya nema.