Tsara Shafin Ciniki Domin Ƙaramar Waya

Duk ɗalibin da zai tsara wa ɗan kasuwa shafin intanet a ƙasar Birnin Gwari, to ya fara da ƙaramar waya, kwamfuta ta biyo baya. Mai saye daga Gwaska yawanci Itel ko Tecno ce a hannunsa, kuma sau da yawa harafin E ke saman allonta, alamar sabis ya yi rauni.

Mu ɗauki mai sayar da zuma. Hoton da ya ɗauka da waya yakan kai megabait 2. In sabis na kawo kilobit 100 a daƙiƙa, sai an jira kusan minti 3 kafin hoton ya buɗe. Wa zai tsaya, ga kuɗin data na tafiya? Amma in an rage shi zuwa kilobait 50, daƙiƙa 4 ta isa, kuma a ƙaramin allo da ƙyar ido zai gane bambanci.

Saboda haka farashi da lambar waya su zo can sama, a rubuce, kada a saka su cikin hoto, domin rubutu yakan riga hoto fitowa. Sauran kaya a jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kafin ku miƙa aikin, ku mayar da wayarku kan 2G ku gwada.