Ƙwayar Cutar da Tafasa Ba Ta Kashewa

A dafa shinkafar biki da la'asar, ta tafasa ta nuna, a juye ragowar cikin babbar roba a rufe, ta kwana a ɗakin girki. Da safe a ɗumama ta har tana tiriri, yara su ci. Kafin azahar amai ya kama gida. Sai a fara zargin mai ko naman da aka saka, domin wa zai tuhumi abincin da ya hau wuta har sau biyu? Amma sau da yawa shinkafar ce, kuma mai laifin wata bakteriya ce mai suna Bacillus cereus, wadda ta shiga tukunyar tun shinkafa tana ɗanya, ta kuma fito da ranta.

Yawancin ƙwayoyin bakteriya ba sa jure zafi. Waɗanda ke haddasa kwalara da taifot suna mutuwa tun kafin ruwa ya kai ga tafasa, shi ya sa dafa ruwan sha yake da amfani ƙwarai. Abin da zafi ke yi musu shi ne abin da yake yi wa farin ƙwai: furotin ɗin da ke jikinsu ya warware ya dunƙule, ya daina aiki. Sai dai wannan ɓarnar tana buƙatar ruwa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na jikin bakteriya ruwa ne. Dangin Bacillus da na Clostridium, mazauna ƙasa da ƙura, suna da hanyar kuɓuta: idan zama ya yi wuya sai su kera wani busasshen ƙwanso a cikin jikinsu, wanda masana ke kira endosfo.

Yunwa ce ke tayar da aikin. An fi nazarinsa a jikin Bacillus subtilis, inda yake ɗaukar kimanin awa takwas. Idan abinci ya ƙare, sai ƙwayar ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gadonta, ta tsaga kanta gida biyu. Ba a tsakiya take tsagawa ba kamar lokacin hayayyafa, a gefe ɗaya take yi, sai a sami babban ɓangare da ƙarami. Babban, wanda ake kira uwa, sai ya miƙa fatarsa ya haɗiye ƙaramin ɗungurungum. Daga nan duk ƙarfin uwar a kan wannan ɗa yake ƙarewa. Ana gina masa wani kauri mai laushi a kewaye, a bisansa kuma uwar ta jera riguna na furotin masu tauri da ke tare guba da sinadarai. Da ta gama sai ta fashe ta mutu, endosfo ya fita. Ƙwaya ɗaya endosfo ɗaya take bayarwa, saboda haka wannan ba haihuwa ba ce, ɓuya ce.

Mutane da dama suna ɗauka taurin rigar ne ke hana zafi shiga. Ba haka ba ne. Abu ne ɗan mitsitsi da tsawonsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, nan take cikinsa ke ɗaukar zafin ruwan da yake ciki. Sirrin yana ga bushewa. Uwar tana ɗura wa cikin ɗan wani sinadari, asid difikolinik haɗe da kalsiyam, har ya kai kusan kashi goma cikin ɗari na busasshen nauyinsa, yana maye gurbin ruwa. Kaurin nan na kewaye kuma yana riƙe cikin a takure. Ruwan da ya rage yakan sauka ƙasa da rabin nauyi. A irin wannan ƙunci furotin ba shi da sararin motsi, balle ya warware, don haka zafin digiri 100 ya zo ya wuce bai yi masa komai ba. Shi kuwa DNA, wasu ƙananan furotin ne ke lulluɓe shi su kare shi daga zafi da hasken rana. Endosfo ba ya ci, ba ya girma, yana iya shekaru da dama a ƙasa a haka.

Wannan al'amari ya daɗe yana rikita masana a Turai, domin sun ga ruwan ciyawa da aka tafasa yana sake cika da ƙwayoyi, har wasu suka ce rai ne ke tsirowa da kansa. A 1876 Ferdinand Cohn ya nuna cewa endosfo ne ke tsallake tafasar, a shekarar kuma Robert Koch ya bayyana irinsa a ƙwayar cutar antaras mai kashe dabbobi.

A koma ga shinkafa. Tafasa ta kashe sauran ƙwayoyin da ke tukunyar, ta bar endosfo shi kaɗai ba abokin gasa. Abin takaicin ma, zafin yana taimakawa wajen tashinsa daga barci. Da shinkafa ta huce ƙasa da digiri 50 ko kusa da haka, ga danshi ga abinci, sai ya zubar da sinadarin nan, ya sha ruwa, ya fasa riga ya koma bakteriya mai hayayyafa. A ɗauki misali: ƙwayoyi 100 a kowane giram, suna ninkawa duk rabin awa, abin da ke yiwuwa a ɗumin dare irin na bazara. Cikin awa shida sun ninka sau 12, sun haura 400,000, alhali daga wajen 100,000 a giram ake fara tsoron cuta. Wasu nau'o'insu suna zuba guba a cikin abincin, gubar kuma tana jure digiri 121, don haka ɗumame na safe ya kashe ƙwayoyin amma ya bar dafin. Galibi shinkafar ba ta wari, ba ta yauƙi. Alamar da ake ganewa ita ce saurin aman, tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan ci. Idan kuwa miyar nama ce ta kwana a babbar tukunya, aka wayi gari da murɗar ciki da gudawa bayan awa takwas zuwa sha shida, an fi zargin Clostridium perfringens, mai son ƙasan tukunya inda iska ba ta kaiwa.

Maganin ba a ƙara wuta yake ba, yana ga lokacin hucewa. Ko dai abinci ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a baza shi a faranti mai faɗi ya huce da wuri a sa a firiji cikin awa biyu. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne kawai, bayan haka ta zama ɗakin reno. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a ganina gara a raba ragowar tun da dare.

Kashe endosfo kansa sai an wuce digiri 100, kuma ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce nan komai yawan itacen da aka tura. Sai an danne tururi a rufaffiyar tukunyar matsi. Haka asibitoci ke yi wa kayan tiyata, digiri 121 na aƙalla minti 15. Masu abincin gwangwani kuma suna kai tsakiyar gwangwanin digiri 121 na aƙalla minti uku saboda Clostridium botulinum, wadda endosfo ɗinta ke jure tafasa na awoyi, dafinta kuma yana shanye jiki. Gwangwanin da ya kumbura, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Ba kullum wannan juriyar ke zama sharri ba. Mai daddawa tana dafa kalwa na awoyi masu yawa, ta sussuke ta sake dafawa, sannan ta rufe ta da ɗuminta kwana biyu ko uku. Tafasar ta share mafi yawan ƙwayoyi, waɗanda ke cin moriyar filin su ne Bacillus subtilis da danginta, kuma su ne ke narkar da furotin ɗin kalwa su ba ta ƙamshin da miyar kuka ke nema.